Yadda Ake Rubuta Rahoton Kayan da Suka Saɓa wa Zane Idan Shaf Ya Fito da Kaurin da Ya Wuce Iyaka

Idan shaf, wato sandar ƙarfe mai zagaye, ya fito daga injin fere ƙarfe ya yi siranta fiye da yadda zane ya ce, ba a jayayya, kowa ya san an yi asara. Wanda ya fi kawo gardama a wurin aiki shi ne wanda ya ɗan wuce kauri, da 0.02 ko 0.03 na milimita. Nan take za ka ji wani ya ce, "Ai akwai nama a jikinsa, a mayar da shi inji a ɗan shafe kawai, me ya kawo takarda?" Takardar da yake gudu ita ce rahoton da ake rubuta NCR a samansa, wato rahoton kayan da suka saɓa wa ƙa'ida. A ganina irin wannan shaf ɗin ne ma ya fi bukatar rahoton, domin ɗan abin da ya ƙaru ya yi kaɗan a fere shi cikin sauƙi, kuma ya yi yawa a kau da kai.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. An fere shaf 120 na ƙarfe C45 a injin CNC, kowanne tsawonsa milimita 300, an riƙe shi a gefe ɗaya da cok, abin da ke damƙe shi yana juya shi, an tokare ɗaya gefen da tsinin baya. A jikin shaf akwai wurin da bushin zai zauna, zane ya rubuta masa Ø40 h7. A tsarin ISO 286 wannan na nufin kaurin wurin ya tsaya tsakanin 39.975 da 40.000. Duka tazarar da aka ba ka 0.025 ce, kusan sulusin kaurin gashin kai. Mai injin ya auna shaf na ƙarshe, na 120, sai ya ga 40.036.

Kafin a taɓa biro

A tsayar da injin, kuma kada kowa ya taɓa komai a jikinsa. Hannun mai inji kan yi saurin zuwa allon ofset, inda ake ɗan matsar da wuƙa gaba ko baya, ya gyara lambar, ko ya juya haƙorin yanka zuwa sabon baki ya jefar da tsohon. Da zarar ya yi haka shaidar ta tafi. A kwafe lambar da ke layin WEAR na wuƙar gamawa kamar yadda take, a bar haƙorin a maƙale, ko a cire shi a saka a 'yar leda a rubuta lambar aikin a jiki.

Sannan a killace kayan gaba ɗaya, duka 120 ɗin, a rataya musu jan kati, a ɗauke su daga hanyar kayan da ke wucewa gaba. Wanda aka auna guda ɗaya ne, amma ba ka san inda ɓarnar ta fara ba, don haka duk abin da aka fere tun awon ƙarshe da ya fito daidai abin zargi ne. A tambaya kuma ko an riga an kwashi wasu zuwa aiki na gaba, kamar yanka gurbin ki ko gasawa a wuta. In an kwasa, a bi su a dawo da su. In har sun bar kamfanin, to sanar da kwastoma ya shiga cikin aikin tun ranar.

Abu mafi daraja a wannan mataki, wanda kuma aka fi lalatawa, shi ne jerin fitowar kayan. A misalinmu mai injin yana jera shaf ashirin-ashirin a tire, tire shida a jere kamar yadda suka fito. Kada a juye su wuri ɗaya don a samu fili. A sa wa kowane shaf lamba da maka daga 1 zuwa 120. Nan gaba za ka ga wannan jerin shi ne zai faɗi musabbabin matsalar.

Tabbatar da cewa awon gaskiya ne

Rahoton da aka gina kan awon ƙarya ya fi rashin rahoto muni, don sai a fere shaf mai lafiya a mayar da shi siriri. Ga tazarar 0.025, kalifa ba ta da magana. Ko da mai lamba ce da ke nuna 0.01, kuskurenta kaɗai na iya kai 0.02 ko 0.03, daidai da abin da ake gardama a kai. Tsohuwar ƙa'idar masu awo ita ce ma'auni ya iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na tazarar, a nan 0.0025 ke nan. Saboda haka maikiromita ta 25 zuwa 50 mai karanta 0.001 ake bukata. A goge bakinta, a gwada ta da sandar saiti ta milimita 25 da ke zuwa a akwatinta, in kuwa akwai tubalin awo na milimita 40 ya fi, tunda a daidai wurin za a yi aiki. A duba ranar da aka tantance ta, a rubuta lambarta.

Sai zafi. Duk lambar da ke kan zane ana nufinta ne a digiri 20 na ma'aunin Salsiyos, haka ISO 1 ya tsayar. Ƙarfe yana buɗewa da kusan 0.0000115 na tsawonsa a kowane digiri. Shaf mai kauri 40 da ya fi ma'auninsa zafi da digiri 15 zai nuna:

```
40 × 0.0000115 × 15 = 0.0069 mm
```

Wato kusan 0.007, fiye da rubu'in tazarar. Idan shaf da maikiromita duka ƙarfe ne kuma sun daɗe a ɗaki ɗaya, tare suke buɗewa, bambancin kusan ya soke kansa ko da ɗakin bai kai sanyin digiri 20 ba. Don haka a ajiye su wuri guda su huce tare na 'yan sa'o'i kafin a auna.

Akwai wani abu game da zafi da na sha ganin an rubuta a baibai a rahoto. Sai ka ga an ce musabbabi shi ne "mai inji ya auna kayan da zafi". Yi tunani: in ya auna shaf mai zafi ya saita injin a kan wannan awon, shaf ɗin zai tsuke idan ya huce, ya fito siriri. Wannan bayanin na shaf mai siranta ne. Zafin da ke haifar da kauri shi ne na maikiromitar kanta: in ta daɗe a tafin hannu bakanta ya buɗe, sai ta riƙa karanta ƙasa da gaskiya, mai inji ya ɗauka ya kai. Haka ma wanda ke matse ta da ƙarfi ya ƙi amfani da ɗan maɓallin da ke ƙara kas-kas a bayanta. Amma waɗannan 'yan 0.002 ko 0.003 ne, ba za su bayyana 0.036 ba.

A wanke shaf daga ruwan sanyaya da ɓurɓushi, a shafa a ji ko akwai tsini a gefe. Kowane shaf a auna shi a wuri uku a tsawon mazaunin bushin, kusa da kafaɗa, tsakiya, da baki, kuma a kowane wuri a auna sau biyu, a juya shi rubu'in zagaye tsakani. Awo shida ke nan. Aiki ne, amma awo ɗaya a tsakiya ba zai gaya maka ko shaf ɗin ya yi tsini kamar mazurari ko ya yi ciki kamar ganga ba. In akwai mutum na biyu, ya maimaita guda biyar ko shida da wata maikiromitar ba tare da ya ga lambobin na farko ba.

Ga abin da aka samu a misalinmu, mafi ƙanƙanta da mafi girma a kowane tire:

| Tire | Lambobin shaf | Kauri |
|---|---|---|
| 1 | 1–20 | 39.984 – 39.989 |
| 2 | 21–40 | 39.989 – 39.994 |
| 3 | 41–60 | 39.993 – 39.999 |
| 4 | 61–80 | 39.998 – 40.008 |
| 5 | 81–100 | 40.007 – 40.021 |
| 6 | 101–120 | 40.020 – 40.036 |

Tire uku na farko duka suna ciki. A tire na huɗu bakwai suna ciki, 13 sun wuce. Na biyar da na shida duka sun wuce. Jimilla 67 masu kyau, 53 a waje. A jikin kowane shaf kuma awo shidan ba su bambanta da fiye da 0.003 ba.

Za a samu 'yan kan iyaka, masu 40.000 ko 40.001, inda ma'aunin kansa ba zai iya rantsuwa ba. Kada a yanke musu hukunci da son zuciya ɗaya bayan ɗaya. A bi dokar da kamfanin ya rubuta, in babu, a haɗa su da na waje a faɗi haka a rahoton.

Rubuta bayanin saɓanin

Fom ɗin kowane kamfani daban yake, amma sashe na 8.7 na ISO 9001:2015 ya nemi a ajiye abu huɗu a rubuce: bayanin saɓanin, matakin da aka ɗauka, duk wani rangwame da aka samu, da wanda ya yanke hukuncin. Sauran akwatunan fom ɗin hidima suke yi wa waɗannan.

Saman takardar na gane kaya ne: lambar rahoto, kwanan wata, lambar kayan, lambar zane tare da bugunsa, lambar takardar aiki, lambar narkin ƙarfen, injin, aikin da ake kai, da inda aka gano. Bugun zane ba ado ba ne. Kafin ka rubuta komai ka tabbata zanen da ke hannun mai inji da wanda ke hannun mai dubawa bugu ɗaya ne, don yakan faru an sauya tazara a bugu na baya, shirin injin kuwa yana kan tsohon.

Bayanin kansa gaɓa biyu ne: abin da zane ya nema, da abin da aka samu. Rubutu irin "shaf sun yi kauri kaɗan" bai ce komai ba. Wane wuri a jikin shaf? Guda nawa? Kaɗan ɗin nawa ne? Ga yadda ya kamata ya fito:

"Abin da ake bukata: mazaunin bushin, girma mai lamba 7 a zane bugu C, Ø40 h7, daga 39.975 zuwa 40.000. Abin da aka samu: an auna duka 120, guda 53 sun wuce iyakar sama, daga 40.001 zuwa 40.036, mafi yawan wucewa 0.036. Dukkansu suna tsakanin lamba 61 da 120 a jerin fitowa. Guda 67 suna cikin iyaka. An auna da maikiromita 25–50 mai karanta 0.001, bayan kayan sun huce sa'a uku a ɗakin awo. Takardar awon kowane shaf tana haɗe."

Ka lura babu sunan mai laifi a ciki, babu kuma musabbabi. Wannan akwatin na abin da ido ya gani ne. Wanda ya cusa zato a nan, kamar "saboda sakacin mai inji", ya rufe binciken kafin a buɗe shi, kuma ya koya wa ma'aikata su riƙa ɓoye kaya. A misalinmu mai injin ne ma ya gano matsalar ya kawo ta da kansa.

Kada a manta da sauran girma. Wuƙar da ta gama mazaunin bushin wataƙila ita ta gama wasu wuraren a jikin shaf ɗin. A auna su. In tazararsu mai faɗi ce suna ciki, a rubuta cewa an duba, layi ɗaya ya isa.

Abin da lambobin ke faɗa

Yanzu jerin nan zai yi aikinsa. Kowane musabbabi yana barin irin sawunsa a lambobi.

Idan kauri ya yi tsalle farat ɗaya, shaf na 60 yana ciki na 61 ya wuce da 0.03 kuma suka ci gaba a haka, to wani abu aka taɓa a lokacin. Ko an juya haƙori ba a sake aunawa ba, domin haƙoran da ake sayarwa na gama-gari ba sa komawa daidai wurin na baya, bambancin kan kai 'yan kashi cikin ɗari na milimita. Ko an shigar da ofset da alamar da ba ita ba. Ko kuma an rikita kauri da rabinsa: a yawancin injinan CNC lambar X ta kauri ce gaba ɗaya, amma akwai waɗanda aka saita a kan rabi, kuma haka abin yake a ma'aunin hannun injinan gargajiya. Idan kuwa shaf ɗaya ya fi kauri a gefe guda ya tafi yana sirancewa, kuma duk haka suke, a duba saitin tsinin baya. Idan tsakiyar shaf ce ta fi kauri, ƙarfen ne ke lanƙwasawa yana gudun wuƙa, abin da ke damun dogon shaf siriri. Idan na safe ne kawai suka bambanta, sannan lamba ta daidaita, injin ne bai yi ɗumi ba. Idan lambobin sun watsu babu tsari, wani sama wani ƙasa, a nemi abin da ya saki: riƙon cok, dunƙulen haƙori, ko ƙarfe da ke liƙewa a bakin yanka yana ɓallewa.

Namu ba ɗaya daga cikin waɗannan. Kauri yana hawa a hankali daga 39.984, kusan 0.005 a kowane tire, sannan hawan ya ƙara sauri a rabin ƙarshe. Wannan sawun cinyewar haƙori ne. Bakin yanka yana gogewa yana ja baya, injin kuwa yana kai shi wurin da aka ce masa, don haka abin da ya rage a jikin shaf yana ƙaruwa. Kuma duk abin da baki ya ja baya, kauri ninki biyu yake ƙaruwa, tunda shaf zagayawa yake yi.

Ana iya gwada wannan zato da lissafi kafin a rubuta shi. Daga 39.984 zuwa 40.036 kauri ya ƙaru da 0.052, wato baki ya ja baya da 0.026. Haƙorin gamawar DCMT ne, harafin C na biyu a sunansa na nufin kusurwar bayansa digiri 7 ce. Faɗin tabon gogewa a gefen haƙori, wanda ake kira VB, yana da alaƙa da ja da bayan kamar haka, a kimance:

```
0.026 ÷ tan 7° = 0.026 ÷ 0.123 ≈ 0.21 mm
```

Aka ɗauko haƙorin nan da aka adana a leda, aka duba shi da gilashin ƙara girma mai ma'auni, tabon ya kai kusan 0.2. Lissafi da haƙori sun yi daidai. A nan ne abin ya ba da sha'awa: ma'aunin da aka saba ɗauka na mutuwar haƙori, wanda ke cikin ISO 3685, tabon 0.3 ne. Ta wannan fuskar haƙorin da sauransa, yana yanka sumul, fuskar shaf tana sheƙi, ba ƙara ba hayaƙi. Mai inji ba shi da abin da zai gani ko ya ji. Haƙorin bai mutu ba, amma ya cinye tazarar 0.025 har sau biyu.

To "haƙori ya cinye" shi ne musabbabi? Haƙori kullum cinyewa yake yi, aikinsa ke nan. Tambayar da rahoto zai amsa ita ce me ya sa shaf 53 suka wuce ba a kama ba. Aka buɗe takardar aiki, ta ce a auna na farko, sannan ɗaya a kowane 60. Mai injin ya bi. Na 60 ya auna 39.999, yana cikin iyaka, fom ɗin kuma akwatin alamar "ya yi" kawai gare shi, babu wurin lamba. Ya sa alama ya ci gaba, alhali saura 0.001 a fita. Don haka abin da za a rubuta shi ne: tazarar awo ta yi nisa ga saurin cinyewar haƙori, babu iyakar da za a gyara ofset kafin a kai iyakar zane, kuma ba a rubuta lambar awo. Wannan laifin takarda ne, kuma takarda za a gyara.

Hukuncin kayan

Zaɓi uku ne a gaban mai hukunci: a karɓa a haka da rangwame, a sake aiki har su dawo cikin zane, ko a jefar. Mai dubawa da mai inji suna iya ba da shawara, amma sa hannun na wanda tsarin kamfanin ya ba ikon ne, rangwame kuwa na mai zanen ne ko kwastoma, a rubuce.

Kafin a roƙi rangwame a dubi abokin zaman shaf ɗin. Ramin bushin Ø40 H7 ne, daga 40.000 zuwa 40.025. Shaf mai bin zane zai shige shi da sarari daga sifili zuwa 0.050. Shaf mai 40.036 ya fi ko da mafi faɗin bushin da 0.011, ya fi mafi tsukewa da 0.036. Ba zai zame ya shiga ba, sai da dannawa, kuma abin da aka yi don ya zame ya zama matsattse. In da mazaunin boris ne ma, ƙarin kaurin zai buɗa zoben ciki ya cinye sararin ƙwallayen, boris ya riƙa zafi ya mutu da wuri. A wannan misali babu fuskar neman rangwame. Da wurin da ya wuce ba ya haɗuwa da komai, wani wuri ne a sarari tsakanin kafaɗu biyu, da maganar ta sauya.

Saura sake aiki, inda mai cewa "a ɗan shafe" ke jira. Mu yi lissafinsa. Shaf mai 40.030 da ake so ya koma tsakiyar tazara, 39.988, za a cire masa 0.042 a kauri, wato zurfin yanka 0.021 kacal. Bakin haƙorin kabaid mai rufi ba kaifi ne kamar reza ba, an ɗan dakushe shi da gangan, kuma dakushewar kan kai wannan zurfin ko ta fi. Maimakon ya yanka sai ya riƙa gugar ƙarfen yana ture shi. Ka auna ka ga bai ragu ba, ka ƙara ofset, bai ragu ba, ka sake ƙarawa, sai a karo na uku ya kama ya kwashe duka a tashi ɗaya. Shaf ɗin da ke da gyara ya koma 39.96, ya tafi kwandon ƙarfe. Matsala ta biyu riƙo ne. Cok mai haƙori uku ba ya mayar da shaf daidai inda ya riƙe shi da farko, yana iya rawa da 0.03 ko fiye. Rawar ta fi zurfin yankan, don haka wuƙa za ta ci gefe ɗaya fiye da ɗayan, mazaunin ya kauce daga layin sauran shaf ɗin.

Samfefa fa? Tana iya sauke 'yan kashi cikin dubu na milimita, kuma ana yi. Amma ga 0.03 ko 0.04 hannu ba ya ci daidai: bakin mazauni ya fi cinyewa, kusa da kafaɗa ya rage da kauri, maikiromita a tsakiya ta ce ya yi, bushin kuma ya tsaya rabin hanya.

Hanyar da ta dace da wannan ɗan nama ita ce injin giraindin na zagaye, shaf a tsakanin tsini biyu, domin dutse yana cin 0.005 ba tare da gardama ba. Shaf ɗinmu suna da ramin tsini a kowane gefe, don haka an dace, sai dai a tsabtace ramukan a duba ba su buge ba. In babu giraindin dole sai ferewa, to a yi tsakanin tsini biyu ko a cok mai taushin haƙori da aka fere daidai da shaf, a sa agogon awo a tabbatar rawar ba ta wuce 0.005 ba, a yi amfani da haƙori mai kaifi wanda aka wasa, kuma a fara gwadawa da guda ɗaya.

Umarnin sake aikin ya shiga rahoton dalla-dalla, kada a tsaya a "a gyara". A namu an rubuta: guda 53, giraindin tsakanin tsini biyu, a nufi 39.985 zuwa 39.990, kada dutse ya taɓa lanƙwasar gindin kafaɗa ko ya bar mataki a wurin, a auna na farko kafin a ci gaba. Sashe na 8.7 ya kuma ce kayan da aka gyara sai an sake tabbatar da su. A sake auna duka 53 ɗin, ba samfuri ba, kuma ba kauri kaɗai ba: har da rawar mazaunin idan aka gwama da ginshiƙin da zane ya nuna, da santsin fuska, tunda sake aikin na iya taɓa su. In zanen ya ambaci hanyar gamawa ko kwastoma ya amince da tsarin aiki tun farko, sauya ferewa da giraindin ma sai an tambaye shi.

Sakamakon: 52 sun dawo cikin iyaka. Ɗaya, wanda aka saita dutse da shi, ya sauka 39.971, aka yi masa jan fenti aka yanke shi don kada ya koma cikin kaya. Lissafin rahoton dole ya rufe: 67 da aka saki tun farko, 52 bayan sake aiki, 1 a kwando, 120 cif. Rahoton da jimillarsa ba ta cika ba yana nufin akwai shaf a wani wuri da ba wanda ya san halinsa.

Gyaran da zai hana maimaici, da rufe rahoto

Gyara kayan daban, gyara musabbabin daban, na biyun shi ne abin da sashe na 10.2 ke magana a kai. "An ja kunnen mai inji" ba ya cikin lissafi, mutumin ya bi takardar da aka ba shi. Lambobin da aka tara su za su tsara sabuwar takardar. A farkon rayuwar haƙori kauri na hawa kusan 0.005 a shaf ashirin, a ƙarshe kuwa ya kai 0.016 a shaf ashirin. Saboda haka aka rubuta a auna ɗaya a kowane goma, a rubuta lambar da kanta a fom. A saita na farko wajen 39.983, ƙasa da tsakiya kaɗan, tunda an san sama zai hau. Da zarar awo ya kai 39.993 a rage ofset ɗin X da 0.010, a auna na gaba a tabbatar. A juya haƙori a shaf na 60, kafin cinyewar ta fara gudu, kuma bayan kowane juyi a ɗauki shaf na gaba kamar na farko, a ja ofset baya, a fere, a auna, sannan a kai shi girma.

Kowane gyara a sa masa mai shi da ranar gamawa, a rubuta sabon bugun takardar aikin. A leƙa kuma sauran ayyukan da ke da tazara irin ta h7 ko h6 a ga ko su ma ɗaya-cikin-60 ake auna su, don fom ɗin da ya jawo wannan ba a kan shaf ɗin nan kaɗai ake amfani da shi ba.

Sashen kayan ana iya sa masa hannu ranar da aka saki 119 ɗin. Sashen gyaran musabbabi a bar shi a buɗe har a sake fere wannan shaf ɗin da sabuwar takarda. A haɗa takardun awon rukuni biyu ko uku na gaba, a ga lambobin suna hawa zuwa 39.993 suna dawowa, babu wanda ya leƙa 40.000. In an ga ana gyara ofset sau uku ko huɗu kafin shaf na 60, to a rage adadin zuwa 40, ko a sake duba irin haƙorin da gudun yankan, a ƙara wannan a rahoton kafin mai kula da inganci ya sa hannun rufewa.